Sanarwar Hostal: Yadda Ake Rubuta Ƙa'idar Kuɗin Makulli da Lokacin Shiru

A kusan kowane hostal na ɗalibai, na makaranta ne ko na 'yan kasuwa irin waɗanda suka yawaita a Samaru ta Zariya da kewayen Jami'ar Bayero a Kano, akwai takarda manne a ƙofar shiga ko a allon sanarwa. Abubuwa uku ba sa rasa fitowa a cikinta: kuɗin da ake ajiyewa kafin a karɓi makullin ɗaki, kuɗin da ake biya idan makullin ya ɓata, da lokacin da ba a yarda a yi hayaniya ba. Ranar da ɗalibi ya tare ba ya tsayawa ya karanta ta da kyau, hankalinsa yana kan katifa da bokiti da wanda za a haɗa shi ɗaki da shi. Sai ranar da rigima ta taso ake komawa gare ta, mai kula da gida ya nuna layi da yatsa, ɗalibi ma ya nuna wannan layin, kowa yana ganin shi takardar ta ba gaskiya. Don haka da wannan rana ake auna sanarwa. Mai kyau ita ce wadda mutum biyu masu fushi za su karanta, su fito da ma'ana ɗaya.

Tambayoyin da rigimar ke juyawa a kansu ba su da yawa: nawa ne, wa zai biya, wa zai karɓa, yaushe, kuma da wane sharaɗi. Duk jimlar da ta bar ɗaya daga cikinsu a buɗe ta bar wa mai ƙarfi a gidan ya cike gurbin da abin da ya ga dama, kuma mai ƙarfin ba kullum ba ne mai gida. Wani lokaci ɗalibin da ya fi kowa baki ne.

Kuɗin ajiya

Babban kuskuren da ake yi shi ne rubuta layi kamar haka: "Kuɗin makulli: naira 5,000." Mai karatu ba zai iya sanin ko sayen makullin ya yi ba, ko haya ce, ko kuwa ajiya ce da za a mayar masa. Mai gida yana iya nufin ajiya, amma bayan wata tara, lokacin da aka canza mai kula da gida kuma sabon bai san yadda aka yi ba, abin da ke rubuce kawai ya rage. Kuɗin ajiya dukiyar ɗalibi ce da ke hannun hostal a matsayin amana. Ba kuɗin shiga ba ne, kuma wajibi ne jimlar farko ta faɗi haka ƙarara: kuɗin ajiya ne, za a mayar da shi cif.

Bayan wannan sai a faɗi abin da ajiyar ta tsaya wa. Wasu gidajen suna karɓar ta da sunan makulli, amma ranar fita sai a ce an cire kuɗin fenti, ko na ƙwan fitilar da ya mutu, ko na bashin ruwa. Wannan shi ne ya fi komai ɓata zuciyar ɗalibai, kuma suna da gaskiya, domin an karɓi abu da suna ɗaya an riƙe shi da wani. Idan hostal yana son ajiyar da za ta ɗauki ɓarnar ɗaki, ya buɗe mata layinta dabam da adadinta dabam. Ta makulli ta tsaya a kan makulli, sanarwa kuma ta ce ba za a taɓa ta don wani abu ba.

Sai maganar lokaci. "Za a mayar idan an tashi" ba lokaci ba ne. Ɗalibin da ya gama jarrabawa ranar Alhamis, kuma motarsa ta Yola ko ta Birnin Kebbi za ta tashi da sassafen Juma'a, ba zai iya jiran mai gidan da ya yi tafiya ba. Zai ajiye makulli wurin mai gadi ya wuce, kuɗin kuma ya bi ruwa. Sanarwa tana da hanya biyu ta gaskiya a nan. Ko ta ce za a biya hannu da hannu a daidai lokacin da aka miƙa makulli, ta faɗi ranaku da sa'o'in da ofis ke buɗe, ko ta ce za a tura kuɗin asusun banki cikin kwanaki masu adadi, misali bakwai. Ta biyun ta fi dacewa da babban gida. Hostal mai ɗaki 20 da mutum huɗu a kowane ɗaki yana riƙe da ajiyar mutum 80, wato naira 400,000 idan kowa ya ba da 5,000, kuma kusan dukansu a mako ɗaya za su nemi kuɗinsu. Mai gidan da ya zuba wannan kuɗi cikin sayen man janareto ko gyaran rijiyar burtsatse zai wayi gari yana ba da haƙuri. Alkawarin da aka rubuta na kwana bakwai yana tilasta masa ya ware kuɗin tun farko, kuma wannan ma amfani ne da sanarwa ke yi wa mai rubuta ta.

Rasit ma yana da wurinsa. Ya kamata ya ɗauki sunan ɗalibi, lambar ɗaki, yawan makullan da aka ba shi, adadin kuɗi, kwanan wata da sa hannun mai karɓa, kuma kwafinsa ya zauna a littafin ofis. Amma akwai wani sharaɗi da ya zama ruwan dare wanda bai kamata a rubuta ba, shi ne "wanda ya yar da rasit ya yar da kuɗinsa". Ƙaramar takarda da ta yi wata tara a jakar ɗalibi tana iya jiƙewa ko yagewa, alhali sunansa yana nan a littafi. Makulli aka yi ajiyar dominsa, ba rasit ba. Adalci shi ne a ce wanda ya rasa rasit ya nuna katin shaidarsa na makaranta, a duba littafi, a biya shi.

Idan aka haɗa waɗannan, sashen farko zai iya fitowa haka:

"Kowane mazaunin ɗaki zai ajiye naira 5,000 kafin a ba shi makulli ɗaya. Wannan kuɗin ajiya ne, ba kuɗin haya ba, kuma makulli kaɗai ya tsaya wa. Za a ba da rasit. Ranar da mazauni ya dawo da makullin ofis, za a tura masa kuɗinsa cif a asusun da ya rubuta, cikin kwana bakwai. Wanda ya rasa rasit ya zo da katin shaidarsa. Makullin da aka bar wa mai gadi ko abokin ɗaki ba a ƙirga shi a matsayin wanda aka dawo da shi ba sai ya iso ofis."

Jimlar ƙarshe tana kare hostal ne, kuma ta cancanci wurinta. Makulli kan yi kwanaki a aljihun abokin ɗaki, mai shi yana can gida yana lissafin kwana bakwai ɗinsa.

Idan makulli ya ɓata

Nan ne kuɗi ya fi yawa, nan kuma rubutu ya fi lalacewa. Wasu sanarwar cewa suke yi "wanda ya ɓatar da makulli zai biya tara", ba adadi. Wasu kuma sukan rubuta babban adadi don tsoratarwa. Dukansu suna kai wa ga sakamako ɗaya: ɗalibin da makullinsa ya ɓata ba zai faɗa ba. Zai ari na abokin ɗakinsa ya kai wa mai yankan makulli a kasuwa, a yanka masa wani da ɗan kuɗi kaɗan, ya yi shiru. Shi ya tsira daga tara, amma makulli ɗaya yana yawo a gari ba wanda ya san hannun da yake, ɗakin kuma cike yake da wayoyi da kwamfutocin mutum huɗu. Abin da hostal ya fi buƙata a ranar shi ne ya ji labari da wuri. Duk kalmar da za ta sa ɗalibi ya ɓoye ta cuci gidan.

Hanyar da ta fi tsayuwa ita ce a ɗaure kuɗin da ainihin abin da gyara ke ci, kuma don a yi haka sai an san irin kullen da ke ƙofar. Ƙofar da ake rufewa da kwaɗo ba ta da wuya, sabon kwaɗo ake saye. Ƙofa mai kuba iri biyu ce. Akwai tsohuwar kuba mai dogon makulli, wadda idan za a canza sai an cire ta gaba ɗaya daga jikin ƙyauren. Akwai kuma wadda ta fi yawa a sababbin gine-gine, mai ɗan guntun ƙarfe a tsakiya inda makulli ke shiga, wanda masu sana'a ke kira silinda. Ƙusa ɗaya mai murɗi ce ke riƙe da shi ta gefen ƙyaure, kuma idan ƙofa tana buɗe kuma akwai wani makullinta a hannu, kafinta yana canza shi cikin 'yan mintoci ba tare da ya taɓa sauran kubar ba. Sanarwar da ta sa kuɗin sabuwar kuba cikakkiya a gidan da silinda kawai ake canzawa ta karɓi abin da ba a kashe ba.

Ba kowane ɓatan makulli ne ke buƙatar canji ba. Makullin da ya karye a hannu kuma ga guntayensa, ko wanda aka ga faɗawarsa cikin masai, ba mai amfani da shi ya buɗe ɗaki. Wannan yankan sabo kawai yake so. Wanda kuwa ya faɗi a Keke Napep ko a ɗakin lacca, ko aka sace shi tare da jaka mai ɗauke da katin ɗalibi, shi dole a ɗauka ya shiga hannun wani. Saboda haka kuɗin ɓata hawa biyu ne, kuma sanarwa ta faɗi wanda zai yanke hukunci tsakaninsu da abin da zai duba. (Wannan ma ya sa bai kamata a rubuta sunan hostal da lambar ɗaki a kan abin rataya makulli ba, ko da yake yana sauƙaƙa wa ofis aiki. Alamar da ofis kaɗai ya gane ta isa.)

A ƙaddara hostal ɗin nan mai mutum huɗu a ɗaki, kuma a ƙaddara farashi kamar haka don a ga yadda lissafin ke tafiya: yankan makulli ɗaya naira 1,000, sabon silinda 6,000, ladan kafinta 2,000. Wata ɗaliba ta dawo daga kasuwa da yamma ta tarar makullinta ba ya jaka. Ba ta san inda ya faɗi ba, don haka canji ya wajaba. Silindan da aka sayo ya zo da makulli uku, amma ɗakin biyar yake buƙata, huɗu na mazauna da ɗaya na ofis, sai an yanka ƙarin biyu a kan 2,000. Jimilla naira 10,000 ke nan. Ajiyarta kuwa 5,000 ce.

Tambayoyi uku suka taso nan take, kuma sanarwar da ba ta amsa su ba ta haifi gardamar da za ta kai dare. Ta farko: shin ajiyar ita ce iyakar abin da za ta yi asara, ko za ta cika sauran? Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa wanda ya ɓatar da makulli ajiyarsa kawai ta tafi, kuma fahimta ce mai ma'ana idan ba a rubuta akasinta ba. Ta biyu: za a cire daga ajiyar ne, ko za ta biya daga aljihu ajiyar ta zauna? Idan aka cire, sabon makullin da aka ba ta ba shi da abin da ya tsaya masa har ƙarshen shekara. Abin da ya fi sauƙi ga littafin ofis shi ne ta biya 10,000 a hannu, ajiyarta ta koma kan sabon makullin yadda take. Idan ba ta da kuɗin a ranar, a yi gyaran nan take, a ba ta kwanaki ta biya, domin tsaron sauran mutum uku bai kamata ya jira kuɗi daga gida ba. Ta uku: sauran ukun za su biya wani abu? A'a. Makullansu sun daina aiki ba da laifinsu ba, sababbin kyauta za a ba su, kuma a rubuta haka don kada mai kula da gida ya karɓi 1,000 a hannun kowace.

Farashi yana motsi, kuma adadin da aka rubuta a farkon shekarar karatu yana iya zama bai kai ba a zango na biyu. Wasu kan guje wa wannan ta hanyar rubuta "gwargwadon farashin kasuwa", amma wannan ya mayar da ɗalibi cikin duhun da aka so fitar da shi. Mafita ita ce a rubuta adadi a matsayin iyaka: ainihin kuɗin da aka kashe, da rasit ɗin mai kanti da na kafinta, amma ba zai wuce kaza ba a wannan shekarar. Ba sabon tunani ba ne. A Ingila dokar kuɗaɗen haya ta 2019 ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ɓatan makulli, amma sai abin da ya kashe bisa hankali, kuma sai ya kawo shaidarsa a rubuce. Dokar ba ta hawa kan hostal a Kano ko Sakkwato, sai dai ma'aunin da ta ɗauka mai kyau ne a ko'ina.

Akwai kuma abin da ba ɓata ba ne amma ake haɗa shi da ita. Ɗalibin da ya bar makulli a ɗaki abokinsa ya kulle ya tafi gida, buɗe ƙofa kawai yake buƙata. Sanarwa ta faɗi wanda zai nema, da cewa za a nemi katin shaida kafin a buɗe, domin ta wannan hanya ɓarawo mai kwarjini yake sa mai gadi ya buɗe masa ɗakin wani. Ta kuma hana ɓalle ƙofa da yankan makulli a waje. Sashen na biyu zai iya zama haka:

"Wanda makullinsa ya ɓata ya sanar da ofis ko mai gadi a ranar, ko da dare ne. Idan makullin karyewa ya yi kuma an kawo guntayensa, kuɗin yankan sabo kawai za a biya, ba zai wuce naira 1,000 ba. Idan ba a san inda yake ba, za a canza silindan ƙofar a ranar ko washegari, kuma wanda ya ɓatar zai biya abin da aka kashe bisa rasit, ba zai wuce naira 10,000 ba, cikin kwana goma sha huɗu. Ba za a cire wannan daga kuɗin ajiya ba. Abokan ɗaki za su karɓi sababbin makullai kyauta. An hana yanka makulli a waje da ba da aronsa ga wanda ba mazaunin ɗakin ba."

Lokacin shiru

"A rage hayaniya da dare" roƙo ne, ba ƙa'ida ba. Dare a wurin mai tashi sallar asuba yana farawa ba da jimawa ba bayan isha'i, a wurin mai kallon ƙwallon Turai kuwa sai an tashi wasa. Lokacin shiru yana buƙatar ƙarfe na farawa da ƙarfe na ƙarewa, kowanne da "na dare" ko "na safe" a bayansa. Wanda yake neman abin dogaro wajen zaɓar sa'o'in yana da shi: ƙa'idojin hana ƙara na ƙasa da aka fitar a 2009, waɗanda hukumar kula da muhalli ta NESREA ke aiki da su, sun ɗauki dare daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Hostal yana iya ɗaukar wannan, ko ya matsa farkon zuwa 11 idan mazaunansa manyan ɗalibai ne masu dawowa daga laburare a makare.

Idan ƙa'idar ta bambanta a ƙarshen mako, akwai tarko a yadda ake kiran darare. A lissafin Bahaushe dare ne ke gaba da yini, don haka "daren Juma'a" a wurin mutane da yawa shi ne daren Alhamis wayewar Juma'a, yayin da wanda ya saba da lissafin boko zai ɗauka Juma'a ce bayan faɗuwar rana. Hostal da ya rubuta "daren Juma'a da daren Asabar lokacin shiru zai fara 12" ya ba da izini a darare uku ba tare da ya sani ba. Sai a rubuta shi cikakke: ranar Juma'a da dare wayewar Asabar, ranar Asabar da dare wayewar Lahadi.

Bayan sa'o'i sai ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 1999 kan ƙara a cikin al'umma, ta ba da shawarar kada ƙarar da ba ta yankewa ta wuce desibel 30 a ɗakin barci, wato kusan ƙarfin raɗa. Amma ba mai gadin da ke yawo da na'urar auna sauti, kuma lambar da ba mai iya aunawa ba ta raba gardama. Ma'aunin da ke aiki a hostal shi ne ƙofa: duk sautin da mutum zai ji daga baranda alhali ƙofar ɗakin tana rufe, ya yi yawa. Kowa yana iya gwada wannan da kunnensa, har da wanda ake ƙara. Sannan a ambaci abubuwan da sunansu, waɗanda aka san su ne ke tayar da mutane a wannan gidan: sifika, kallo a waya ba da iyafis ba, hira da kiran waya a baranda, daka a turmi, jan kujera a bene, kunna ƙaramin janareto kusa da taga. A cikin ɗaki ɗaya kuwa ma'aunin ƙofa ba ya aiki, don haka ana buƙatar jimla guda da ta ce idan ɗaya daga cikin mazauna ya kwanta, sauran su koma iyafis da ƙaramar fitila.

Lokacin shirun da ya kai ƙarfe 6 na safe ya haɗa da asuba, wadda a arewacin Najeriya take shiga wajen ƙarfe biyar. Sanarwar da ta yi shiru a kan wannan za ta sa wani ya ɗauka an hana shi ibada, wani kuma ya ɗauka ibada ta ba shi damar tayar da bene gaba ɗaya. Gara a faɗa a fili cewa tashi, alwala da fita masallaci ba su saɓa ƙa'ida ba, haka addu'ar safe ta ɗalibai Kirista, amma karatu ko wa'azi ko waƙar yabo da ake sa wa a sifika yana ƙarƙashin ma'aunin ƙofa kamar kowane sauti. Ƙa'ida ɗaya ga kowa ita ce ke hana maganar ta rikiɗe ta zama rigimar addini. Watan azumi yana son layinsa: girkin sahur a kicin ya halatta, a faɗi daga ƙarfe nawa. Makonnin jarrabawa ma haka, idan za a tsawaita shirun zuwa rana, a faɗi ranar farawa da ta ƙarewa.

Hukuncin saɓawa ya tafi hawa-hawa: tunatarwa da baki, gargaɗi a rubuce, sannan kai magana ga mai gida ko ofishin harkokin ɗalibai. Tarar kuɗi a kan hayaniya ba ta cika yin amfani ba, domin babu rasit da zai nuna abin da barcin wani ya ci, kuma tana buɗe wa mai gadi ƙofar karɓar na goro. Abin da bai kamata ba ko kaɗan shi ne a ce za a cire ta daga ajiyar makulli, don wannan ya rushe alkawarin sashen farko. Dole kuma sanarwa ta faɗi wanda za a kai wa ƙara da tsakar dare da inda yake kwana, in ba haka ba wanda aka hana barci shi zai je ya buga ƙofa da kansa, kuma daga nan faɗa ke farawa. Sashen na uku zai iya zama haka:

"Lokacin shiru yana farawa ƙarfe 10 na dare, ya ƙare 6 na safe, kowace rana. A cikinsa kada a ji sautin ɗaki daga baranda idan ƙofa tana rufe. Ba sifika, ba daka, ba hira ko kiran waya a baranda. Tashi don sallah ko addu'a da girkin sahur a kicin ba su saɓa wannan ba. Wanda aka dama ya sanar da mai gadi a ƙofar shiga. Karo na farko tunatarwa, na biyu gargaɗi a rubuce, na uku za a kai maganar ga mai gida. Mazauni shi ke da alhakin baƙonsa."

Inda ake liƙa ta da lokacin da ake nuna ta

Sanarwa mai kyawun kalmomi tana iya zama ba ta da ƙarfi idan an nuna ta a makare. Akwai shari'ar da ɗaliban lauya a Najeriya ke karantawa a darasin kwantiragi, ta Olley da otal ɗin Marlborough Court, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke. Mata da miji sun kama ɗaki, sun biya a teburin karɓar baƙi, sai da suka hau suka tarar da sanarwa a cikin ɗakin cewa otal ba shi da alhakin kayan da aka sace. Wata rana matar ta rataye makulli a allon makullai na ƙasa ta fita, wani ya ɗauka ya kwashe mata kaya masu tsada. Kotu ta ce sanarwar ba ta cikin yarjejeniya, domin an riga an ƙulla ta a ƙasa kafin su ga takardar. Abin da wannan ke nufi ga hostal a fili yake: a nuna wa ɗalibi ƙa'idojin kafin ya biya, a sa su a jikin fom ɗin kama ɗaki, ya sa hannu, a ba shi kwafi. Ta jikin bango tunatarwa ce kawai. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta tanadi cewa a ba mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta, a kuma bayyana masa farashi.

Harshen kansa ya zama mai sanyi. Manyan baƙaƙe daga sama har ƙasa, da "za a kori mutum nan take" a ƙarƙashin kowane layi, suna sa mai karatu ya daina ɗaukar ko ɗaya da muhimmanci, musamman idan ya ga ba a taɓa korar kowa ba. Kada a rubuta hukuncin da ba za a zartar ba. Inda mazauna suka fito daga sassa dabam-dabam, a liƙa ta Hausa da ta Turanci gefe da gefe, ko Hausa da Faransanci a Maraɗi da Damagaram, kuma mutum ɗaya ya bi su layi-layi ya tabbatar adadin kuɗi, kwanaki da sa'o'i iri ɗaya ne a duka biyun. Ta Hausar tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: sau da yawa ita ce mai gadi zai iya karantawa ko a karanta masa, kuma shi ne zai zartar da ƙa'idar da ƙarfe ɗaya na dare.

A ƙasan takardar a sa kwanan watan da ta fara aiki, shekarar karatun da ta shafa, da muƙamin wanda ya sa hannu. Idan aka yi sabuwa, a cire tsohuwar daga kowane bango, kada ta wani bene ta ce 5,000 ta wani ta ce 3,000. Ƙarin kuɗi kuwa ba ya hawa kan wanda ya riga ya biya ya sa hannu, sai shekarar karatu mai zuwa.